Koken Zinariya Ga Kamfanin Caca

Ranar wata Alhamis cikin Zulƙida, bayan la'asar, Muntaka Yelwa ya leƙo kicin ya tambayi matarsa yadda ake rubuta "raina ya ɓaci" da Turanci ba tare da an zagi kowa ba.

Zinariya tana yanka albasa. Ta faɗa masa. Ya koma falo, can ya sake dawowa.

"To idan kuma mutum yana so ya ce an raina masa hankali fa?"

Ta ajiye wuƙar. Shekara takwas ta yi a teburin sauraron koken jama'a a wani banki a Kaduna kafin mijinta ya samu aikin gwajin jini a wani asibitin kuɗi a Jidda, su tare a unguwar Safa. Iƙamarta, wato takardar izinin zamanta a ƙasar, ta zaman iyali ce, ba ta ba ta damar aiki ba, don haka shekara uku ke nan ba ta ga fuskar mutumin da wani ofis ya wahalar ba. Sai ga ta yau a bakin kicin ɗinta.

"Abban Saudatu, wa ya riƙe maka kuɗi?"

Sai da ya rufe taga, ya kunna famfo don ƙararsa ta rufe magana, sannan ya fara bayani. A bara, lokacin da asibitin ya tura shi kwas na wata uku Ingila, wani abokin karatunsa ya zuga shi ya buɗe asusu a wani kamfanin caca na intanet. Sau ɗaya ya taɓa sa kuɗi, fam ashirin, a kan cewa wata ƙungiyar ƙwallo da bai taɓa jin sunanta ba za ta ɗauki kofi a ƙarshen kakar wasa. Ya zaɓe ta ne saboda rigarsu kalar kayan makarantarsu na firamare ce a Yawuri. Ya dawo Jidda ya manta. Bayan wata tara saƙo ya shigo masa cewa ƙungiyar ta ci, fam ashirin ɗinsa sun zama dubu uku da ashirin.

"Caca," in ji Zinariya. "Daga nan zuwa Harami tafiyar awa ɗaya ce, kai kuma caca."

"Ki yi a hankali, bangon nan ba kauri. In kafilina da ya tsaya min a ƙasar nan ya ji, kwana biyu ba za mu ƙara a ƙasar nan ba."

Kwana uku ba ta yi masa magana ba sai a kan cefane. A rana ta huɗu, bayan ya tafi aiki, 'yarsu kuma ta tafi makaranta, ta buɗe kwamfutarsa da niyyar ganin iyakar abin kunyar. Ta tarar da saƙonni arba'in da ɗaya.

Shafin kamfanin a toshe yake a Saudiyya, don haka sai da suka je hutu gida a watan Yuni Muntaka ya sulale wani shagon intanet a Kaduna ya nemi cire kuɗinsa. Suka ce sai sun tantance shi tukuna. Ya tura hoton fasfo, da hoton katin bankin da ya biya da shi gaba da baya, da fatura, wato takardar biyan kuɗin wayar gida ta Jidda, don shaidar inda yake zaune, haɗe da fassarar da wani ofishin fassara ya buga wa hatimi. Ranar sha huɗu ga Yuni suka rubuto cewa an kammala tantance shi, babu sauran abin da ake buƙata, kuɗi za su fita cikin kwana biyar na aiki. A kwana na shida aka mayar da kuɗin cikin asusun cacar, aka kulle cirewa, aka ce sashen tsaro yana dubawa.

Dalilin farko shi ne faturar. Ƙa'idarsu ta ce kada ta wuce wata uku, su kuma sun duba sun ga shekarar 1432 a kanta. Wani mai suna Kevin ya rubuta cikin ladabi cewa takardar ta wuce wa'adi da shekara ɗari biyar da saba'in da tara. Muntaka ya tura sabuwar fatura. Ita ma 1432. Wata mai suna Laura ta gode masa, ta ce wannan ma tsohuwa ce.

Daga nan suka ce mai fassara ya rubuta sunansa Montaga, fasfo kuma ya ce Muntaka, a bayyana musu alaƙar mutanen biyu. Suka nemi hotonsa riƙe da fasfo kusa da fuskarsa. Ya ɗauka a banɗakin asibiti ya tura. Suka ce na cikin fasfo ba shi da gemu. Suka kuma ce kuɗi ba sa fita sai ta katin da suka shigo, katin nan kuwa wa'adinsa ya ƙare tun Yuli, suna cikin dubawar.

Zinariya ta karanta har azahar. Ta san wannan aikin. Ta san yadda ake neman takarda ɗaya a kowane saƙo don a ci mako guda, da yadda ake sauya mai amsawa don kowa ya fara daga farko. Ita ma ta yi, ranakun da manaja ya ce a ja wa mutum rai. Amma ko a ranar da ta fi kowace rana rashin imani, ba ta taɓa ce wa mutum takardarsa ta girmi Shehu Ɗanfodiyo ba. Ta kuma ga amsoshin mijinta, kowanne ya fara da ba da haƙuri, har akwai wanda ya tambayi lafiyar iyalin Kevin.

Da ya dawo ta tare shi a ƙofa.

"Kuɗin nan ko riyal ɗaya ba zai shiga tukunyata ba. Haram ne."

"Na sani. Na yi istigfari. A bar musu kawai, shi ke nan."

"A bar wa wa? Sun rubuta da hannunsu sun tantance ka. Zauna."

Mako guda ta yi tana aikin wasiƙar. Ta sa ya nemo kwafin sharuɗɗan kamfanin da suka turo masa ranar da ya buɗe asusu, shafi talatin da biyu, ta bi su da jan biro. Ta jera koken a kan batu bakwai. A sama lambar asusu da ranar caca da ranar neman cirewa. Sai ta kawo saƙonsu na sha huɗu ga Yuni kalma da kalma. Ta nuna cewa sharuɗɗansu sun ba su damar neman ƙarin takarda, amma ba su ba su damar ƙin karɓar takardar da suka riga suka amince da ita ba tare da dalili ba. Ta nuna sakin layin da ya ce idan kati ya mutu za a biya ta asusun banki mai sunan mutum, ta ba da lambar asusunsa na kuɗin waje a Kaduna. A ƙarshe ta ba su kwana goma sha huɗu su biya ko su aiko da amsarsu ta ƙarshe a rubuce, in ba haka ba za a kai ƙara hukumar da ta ba su lasisi a can tsibirin da kamfanin yake da rajista.

Batu na huɗu ne ya tsaya mata, wato shaidar cewa 1432 ita ce 2011. Ba ta so ta faɗa da bakinta kawai, tana son takarda mai ɗauke da shekarun biyu, da sa hannun wani wanda ba su ba. Mutum ɗaya ta sani a Jidda da takarda ba ta gagara.

Kawu Abdulghaffar ɗan'uwan mahaifiyarta ne ta wajen kaka. A Jidda aka haife shi, bai taɓa taka Najeriya ba, kuma shekara talatin yana zaune ƙarƙashin lema a gaban ofisoshin gwamnati yana rubuta wa mutane ma'arud, wato takardar koke, kafin gwiwa ta zaunar da shi a gidansa na unguwar Sa'alaba. Ranar Juma'a bayan an sauko suka je. Sai da Muntaka ya ajiye mota nesa suka ƙarasa da ƙafa a kan bulullukan da aka jera, domin ramin bayan gidan layin ya cika ya tumbatso, kuma maƙwabta sun yi wata biyu suna gardamar wanda zai biya motar kwasa.

A hanya sun yi shawara ba za a ambaci kalmar ba. Za a ce wani kamfani ne a Turai ya riƙe wa Muntaka haƙƙinsa.

Kawu ya zuba musu shayi, ya saurara, ya kaɗa kai.

"Ɗayyib. Aiki ka yi musu, ya waladi?"

"Ba aiki ba ne sosai, Kawu."

"Kaya ka sayar musu?"

"Kusan haka. Hasashe ne."

"Hasashe. Kai boka ne?"

"A'a, na ƙwallo ne. In ya yi daidai su biya."

"In bai yi ba?"

Muntaka ya dubi matarsa. Ita kuma ta dubi fanka.

Kawu ya miƙa hannu ya ɗauke kofin shayin daga gaban Muntaka, ya ajiye shi can gefe. Ya yi ta'awwuzi sau uku. Ya yi faɗa da Larabci na kusan rubu'in awa, inda ya ƙare da Hausa: "Ƙumar! Caca! A gidana, ranar Juma'a!" Sannan, yana huci, ya ce a ba shi wasiƙar ya gani. Zinariya ta karanta masa tana juyawa da Hausa. Tun ba ta kai batu na uku ba ya ɗaga hannu.

"Ya binti, wannan ba koke ba ne, sammaci ne. Ina gaisuwa? Ina addu'a ga mudir, shugaban wurin? Kin shiga gidan mutum ba sallama kina ba shi kwana sha huɗu. Wallahi da ni ne, ƙasan tire zan sa ta."

"Kawu, su ba a roƙonsu. Ƙa'idarsu ake nuna musu."

"Shekara talatin ina wannan sana'a. Ba a taɓa buɗe min ƙofa da ƙa'ida ba."

Ya tashi da ƙyar ya ciro kalandar wani gidan burodi daga bango, irin mai kwanan Hijira a sama na Miladiyya a ƙasa, ya yage shafin Jimada Akhir, ya sa hannu a bayansa, ya buga hatimin sunansa na azurfa. Zinariya ta miƙa hannu, ya janye.

"Da sharaɗi. Ni ma zan rubuta tawa, ki juya ta da Turanci yadda take, harafi da harafi, ki haɗa da taki. Ki rantse."

Ta yi ta kewaye-kewaye, ya ƙi sakin shafin. Ta rantse.

Takardar Kawu shafi ɗaya ce da kyakkyawan rubutun hannu, da sunan Muntaka. Ta fara da yi wa mai girma shugaban kamfanin caca addu'ar tsawon rai da shiriya. Ta ce mai wannan koke bawan Allah ne mai rauni wanda shaiɗan ya rinjaya. Tun da ya san ƙofarku barci ya ƙaurace masa, abinci ba ya masa daɗi, matarsa ta daina yi masa magana, gidansa yana gab da rushewa. Ba ya iya mallakar kansa a gabanku. Yana roƙonku, don girman iyayenku, ku sallame shi, ku rufe masa ƙofarku har abada, ko ya dawo yana kuka kada ku buɗe. A ƙasa Kawu ya sa Muntaka ya sa hannu, ya kuma dangwala babban yatsa.

"Kawu, ni fa sau ɗaya na yi," in ji Muntaka yana goge tawada a gefen tabarma. "Kuma ina cin abinci."

"Uskut, rufe baki. A ma'arud kowa ba ya cin abinci."

Zinariya ta fassara ta ranar Asabar tana cije leɓe. Ta sa ta can ƙarshe, bayan shafin kalandar, inda take fatan ba mai kaiwa. Muntaka ya sa hannu a babbar wasiƙar, suka tura duka ta imel zuwa sashen koke.

Amsa ta zo bayan kwana tara, daga wani Daniel. Ya ce sun karɓi koken kuma suna ɗaukarsa da muhimmanci. Sai dai sashen tsaro ya lura cewa Turancin wannan wasiƙa ya sha bamban da na saƙonni ashirin da mai asusun ya aiko a baya, abin da ke nuna wataƙila wani ne dabam yake amfani da asusun, wanda hakan ya saɓa wa sharuɗɗa. Game da kalandar kuma, ba sa karɓar takarda daga gidan burodi.

Zinariya ta karanta sau biyu. Ta shiga ɗaki ta kwanta da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba. Muntaka ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ai yabo ne, in kin duba. Cewa suka yi Turancinki ya yi kyau da yawa."

"Fita."

Washegari da safe, tana shirin zama ta rubuta wa hukumar lasisi, wani saƙon ya shigo daga wani sashe da ba su taɓa jin sunansa ba, sashen kula da walwalar masu caca. Wata Helen ce ta rubuto. Ta ce an miƙo mata shafin ƙarshe na takardunsa, kuma ta karanta shi da matuƙar damuwa. Ta yaba masa da ƙarfin halin da ya yi ya faɗi halin da yake ciki. Bisa ƙa'idarsu, duk wanda ya ce ba ya iya mallakar kansa kuma ya nemi a rufe masa, dole a rufe nan take. An rufe asusunsa har abada, ba za a sake buɗewa ba ko ya roƙa. Tun da kuma bayanansu sun nuna an kammala tantance shi ranar sha huɗu ga Yuni, za a tura duk abin da ke ciki zuwa asusun bankin da ya bayar. Ta haɗa masa da lambar wayar masu ba da shawara, da wata takarda mai tambayoyi goma, ta farko tana tambaya ko ya taɓa sayar da kayan gida don caca. A ƙarshe ta ce tana fatan ya fara cin abinci.

Kwana shida bayan haka banki ya sanar da shigowar kuɗin, an zaftare ladan turawa.

Muntaka ya yi sujada a tsakar falo, ya ɗago ya rasa ko ya halatta a yi sujadar godiya a kan irin wannan, ya sake yin istigfari. Zinariya kuwa ta koma gaban kwamfutar. Ta buɗe wasiƙarta tana bin batutuwan nan bakwai da ido. Ba a amsa ko ɗaya ba.

"Lambar asusun bankin dai daga taki suka ɗauka," in ji shi a hankali.

"Kada ka lallashe ni."

Sai da aka gama hidimar Hajji suka koma Sa'alaba da labari. Kawu ya sa aka karanta masa saƙon Helen sau biyu, ya tambaya ko tana da aure, ya yi mata addu'ar musulunta. Ya mayar wa Muntaka da kofin shayinsa. Sannan ya yanke hukunci, kamar yadda ya ce ya ji daga malamai: Muntaka ya ɗauki fam ashirin ɗinsa, sauran kuma a rabu da su a wani aikin da jama'a za su amfana, ba masallaci ba, ba Alƙur'ani ba, kuma kada ya sa ran lada ko na ƙwayar zarra.

"Wane aiki ke nan, Kawu?"

Kawu ya nuna taga da haɓa. Ko ba a buɗe ta ba, kowa a ɗakin ya san abin da yake nufi.

Fito da kuɗin daga Kaduna ya ci wata guda. Ranar da motar kwasa ta fara zuwa, wata babbar tanka mai ruwan ɗorawa, duk layin ya fito kallo. Ta yi sawu huɗu kafin a ga ƙasan ramin, aka kawo magina suka sake ɗaure bakinsa, aka biya direban na zuwa duk wata har shekara. Maƙwabtan da suka yi wata da watanni ba sa gaisawa suka tsaya tare, kowa ya toshe hanci da gefen mayafi ko rawani, suna sa wa mai wannan alheri albarka. Kawu yana kan kujera a ƙofar gida, sanda a kan cinya. Duk wanda ya tambaye shi ko wane ne, sai ya ce wani bawan Allah ne da ba ya neman lada. Mutane suka ce lallai wannan waliyyi ne, wata tsohuwa ma ta ce a roƙa mata shi ya yi wa jikarta addu'ar samun miji. Muntaka yana tsaye bayan Kawu yana zufa, yana amsa amin a kan dole.

Zinariya tana cikin gida tare da matan layin, tana jin muryar Kawu ta taga yana ba wasu dattawa labarin yadda ya rubuta shafi ɗaya tak Turawa suka saki haƙƙin wani yaronsa cikin kwana goma, bayan masu digiri sun yi shafi huɗu a banza. Wata maƙwabciya ta juyo ta tambaye ta ko gaskiya ne, ai an ce ita ma ta yi boko.

"Gaskiya ne," in ji Zinariya. Ta ɗauki dabino ɗaya, ta duba shi, ta mayar cikin faranti. "Amma shafi biyar ne."